Monita 4K mai inci 27: rubutu tangaran, sai dai hoton allo yana son lura

Aikina shi ne shirya takardun koyar da kwamfuta ga ɗalibai, kuma rabin kowace takarda hoton allo ne: ga inda za ka latsa, ga akwatin da zai buɗe. Shi ya sa wannan sharhi kan monita 4K mai inci 27 da na koma amfani da shi zai tsaya ne a kan sikirinshot. Game da kyawun gani ba ni da abin cewa sai yabo, rubutu yana fitowa tangaran, ido ba ya gajiya ko an wuni a kai.

Matsalar takan fito ne idan hoton ya bar allona. Sai in ɗauki ɗan ƙaramin akwati da Win + Shift + S, in liƙa a saƙon imel, wanda na tura wa ya ga abu ya cika masa allo har sai ya riƙa ja gefe da gefe. In kuma na ja kusurwar hoton na rage shi, rubutun ciki ya koma dishi-dishi.

Dalilin yana cikin lissafin ɗigogin allo. Monita 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na allon 1920 da 1080 da yawancin ɗalibaina ke da shi. Da Windows zai nuna komai a asalin girmansa, da rubutu ya yi ƙanƙanta ba ya karantuwa, don haka yake ƙara girman komai. Ana ganin wannan a Settings > System > Display > Scale, kuma nawa ya zo a kan 150%. Shi kuwa hoton allo ainihin ɗigogin yake kwashewa. Akwatin da faɗinsa ɗigo 600 ne a allon da ke kan 100%, a nawa ɗigo 900 yake ci. Ni ina ganinsa daidai saboda ɗigogina ƙanana ne, amma a tsohon allo waɗannan 900 ɗin sun kusa cinye rabin faɗinsa.

A 150% ɗin nan ne na fi shan wahala. Don mayar da 900 zuwa 600, dole a matse kowane ɗigo uku su zama biyu, kuma a nan ne bakin haruffa ke narkewa, siraran layukan Excel su yi kauri a wani wuri su dusashe a wani. Da na mayar da Scale zuwa 200%, akwatin ya zama 1200, na buɗe hoton a Paint, na shiga Resize na sa 50 a Percentage, sai ya dawo 600 cif. Ɗigo biyu sun zama ɗaya a kowane ɓangare, babu ragowa, rubutun ya fito da tsabta sosai fiye da na farko. Abin da aka rasa shi ne fili: a 200% wurin aiki ya koma kamar na 1920 da 1080. Don haka nakan koma 200% ne kawai lokacin ɗaukar hotuna, in na gama in dawo 150%. Idan kuma takardar za a buga ta ne a firinta, ba na rage ɗigo ko ɗaya, nakan bar hoton da yawansa in daidaita faɗinsa a cikin Word, ya fi fita kyau a takarda.

Akwai wani dishi-dishin da ba ruwansa da ragewa. Wata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi da nake koyarwa ba ta san irin wannan allo ba, sai Windows ya zana ta a ƙarami sannan ya miƙe ta. Gane shi ba wuya: duba allon kansa kafin ka ɗauka, in rubutun manhajar ya yi hazo alhali na taskbar garau yake, to hoton ma haka zai fito. Na latsa dama a kan manhajar, Properties > Compatibility > Change high DPI settings, na kunna Override high DPI scaling behavior na zaɓi System (Enhanced), rubutun ya gyaru. Ba kowace manhaja ke karɓar wannan ba, wata sai maɓallanta su hau kan juna.

Saura WhatsApp, wanda ke matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto. Ajiye shi a PNG ka tura ta Document, zai isa yadda ka ɗauke shi.

Zan sake sayen wannan monita, amma ga mai aikin da ya dogara da sikirinshot irin nawa, ya sa a ransa cewa akwai ƙarin matakin rage hoto kusan kullum kafin turawa.