Ɗora fayil da fitar da rahoto: gwaji ɗaya ba ya isar su biyun

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gwada wata manhaja da muka yi wa ƙungiyar manoman auduga a nan Garwa. Wakilai suna ɗora hotunan rasit da PDF daga ƙauyuka, iyakarmu megabayit 10, akawu kuma yana fitar da rahoton wata a CSV. Na ɗora babban fayil, na sauke rahoto, duk sun yi. Kwana biyu suka rage mini. Gwajin ɗorawa da na fitarwa iri ɗaya ne? Wanne zan fi ba ƙarfi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Ba iri ɗaya ba ne, kuma da ni ce ke, zan ba fitar da rahoto kwana ɗaya da rabi. Idan ɗorawa ta lalace, yawanci wakili yana gani a idonsa, ya sake gwadawa ko ya kira ku. Rahoton CSV kuwa yana iya yankewa a tsakiya ya buɗe lafiya lau, akawu ya tara jimla a kan rabin layuka, a biya mutane da ita, ba wanda ya sani.

Mu fara da girma. A ɗorawa, ba katon fayil ne ke tona asiri ba, bakin iyaka ne. Ki fara tambayar mai rubuta manhajar: megabayit 10 ɗin nasa bayit 10,000,000 ne ko 10,485,760? Sau da yawa shafin yana lissafi da ɗaya, sabar da ɗayan. Sai ki ƙera fayil uku: wanda ya gaza iyaka da bayit ɗaya, wanda ya yi daidai, da wanda ya haura da bayit ɗaya. Ki ƙara na huɗu, wanda babu komai a cikinsa.

```
head -c 10485760 /dev/urandom > daidai.pdf
head -c 10485761 /dev/urandom > ya_haura.pdf
```

A Windows, `fsutil file createnew daidai.pdf 10485760` yana yin aikin. Idan manhajar tana leƙa cikin fayil don tabbatar da cewa PDF ne na gaske, waɗannan za ta ƙi su saboda wani dalili dabam, don haka ki karanta saƙon ƙin da kyau.

Iyakar ba a wuri ɗaya take ba, ƙofofi ne a jere. Idan nginx ne a gaba kuma ba a taɓa `client_max_body_size` ba, megabayit 1 kawai yake bari, ya mayar da 413. Idan PHP ne a baya, `upload_max_filesize` yana zuwa da 2M, `post_max_size` da 8M. Wannan ta ƙarshen ita ce mai ruɗarwa: in an haura ta, `$_POST` da `$_FILES` suna isowa fanko, sai manhaja ta ce wa wakili "ba ka zaɓi fayil ba" alhali ya jira minti biyar yana ɗorawa. Akwai kuma 'yan bayit da fom ke ƙarawa a kan fayil ɗin kansa, shi ya sa fayil mai daidai da iyaka yakan faɗi idan an daidaita nginx a kan adadin cif-cif.

A fitarwa babu fayil ɗin da za ki ƙera, bayanai za ki cika. Rumbun gwaji mai layi 200 ba ya nuna komai. Ki sa a zuba masa abin da ya ninka na lokacin awon auduga sau goma, sannan ki danna. A nan abokan gaba biyu ne, lokaci da ƙwaƙwalwar sabar. nginx yana jiran manhaja daƙiƙa 60 idan ba a canza `proxy_read_timeout` ba, in ba ta ce uffan ba ya mayar da 504. PHP kuma `memory_limit` ɗinsa na asali 128M ne, kuma manhajar da ke tara dukan layuka a ƙwaƙwalwa kafin ta rubuta fayil tana cinye shi da wuri. Bayan haka Excel ma yana da nasa bango: layi 1,048,576 a shafi ɗaya, tsohon XLS kuwa 65,536.

Sunayen fayil: a ɗorawa wakili ne ke kawo suna, a fitarwa ku ne kuke raɗa shi. Yankinmu ya ba ki kayan gwaji kyauta. `Rasit N'Djamena.pdf` yana da alamar `'` da ke karya umarnin SQL idan an liƙa suna kai tsaye a ciki. `Ngaoundéré.jpg` yana da é, wadda ake iya rubutawa iri biyu a Unicode, harafi guda ko e da alama a manne, ido yana ganinsu ɗaya amma bincike ba ya haɗa su. `ƙididdigar ɗanɓarna.pdf` yana da haruffanmu masu lanƙwasa. Ki ƙara suna da Larabci, tunda abokan hulɗa daga Cadi za su turo. Tsawo ma ki auna shi: a Linux iyakar suna yawanci bayit 255 ce, ba harafi 255 ba, kuma ƙ, ɗ, ɓ, é da haruffan Larabci kowanne bayit biyu yake ci a UTF-8. Suna mai harafin Larabci 130 ya riga ya wuce.

Biyu kuma kada ki tsallake su. Na farko, wakilai biyu su ɗora `IMG_0001.jpg` a rana ɗaya, ki duba ko na biyu ya hau kan na farko. Na biyu, suna mai ƙoƙarin fita daga jakar ajiya. Burauza ba zai bar ki ki aika shi ba, amma curl zai bari:

```
curl -F "file=@rasit.pdf;filename=../../gwaji.pdf" https://sabar-gwaji/upload
```

Manhaja mai kyau tana ajiye fayil da sunan da ita ta ƙirƙira, ta riƙe na wakili don nunawa kawai.

A fitarwa matsalar suna ta fi sauƙi. Idan manhaja ta haɗa suna da kwanan wata kamar `01/03`, ko da lokaci mai `:`, Windows ba ya karɓar waɗannan alamomi, sai burauza ya musanya su. Idan sunan yana da é ko ƙ, ki buɗe `Network` a DevTools na burauza ki ga ko `Content-Disposition` yana ɗauke da `filename*=UTF-8''`. In babu, sunan na iya sauka a hargitse. Tunda kin buɗe fayil ɗin, ki buɗe shi a kwamfutar akawu ba taki ba: Excel na Faransanci yana raba ginshiƙan CSV da `;`, don haka rahoto mai waƙafi zai cushe a ginshiƙi ɗaya, kuma lambar waya mai `+237` tana rasa alamarta ta koma wani abu kamar `2,37E+11`.

Yankewar rezo ita ce inda hanyoyin biyu suka rabu sosai. Yankewa kanta iri biyu ce. Akwai mai sallama, kamar rufe shafi ko danna soke, inda sabar ke samun labari nan take. Akwai marar sallama, inda babur ɗin wakili ya shiga kwari sigina ta ɓace, sabar ta zauna tana jira har lokacinta ya cika. Ta farko curl yana kwaikwayonta:

```
curl --limit-rate 30k --max-time 20 -F "file=@daidai.pdf" https://sabar-gwaji/upload
```

A wannan gudun fayil mai megabayit 10 yana buƙatar kusan daƙiƙa 341, minti biyar da wani abu, kuma za a datse shi a daƙiƙa 20, bayan kilobayit 600 ko kusa. Ta biyu sai da hannu: ki haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarki, ki fara ɗorawa, ki kashe datar wayar amma ki bar haɗin kwamfuta da wayar a kunne. Kwamfutar za ta ci gaba da ganin tana haɗe, kamar yadda wayar wakili ke nuna sanda uku alhali babu abin da ke wucewa. Ki lura da abin da shafin ke nunawa bayan minti ɗaya, bayan minti uku. Da'irar da ke juyawa ba iyaka kuskure ce, ki rubuta ta.

Bayan kowace yankewa ki leƙa wuri uku: jakar wucin gadi ta sabar ko an bar guntu, rumbun bayanai ko an buɗe layi wanda ba shi da fayil, da jerin rasit ko guntun ya bayyana kamar cikakke. Mafi muni shi ne yankewa a daƙiƙar ƙarshe: fayil ya isa, an ajiye, amsar "an karɓa" ce ba ta dawo ba. Wakili zai sake aikawa, rasit ɗaya ya zama biyu. Ki kashe data daidai lokacin da ma'auni ya kai 100, ki maimaita sau biyar ko shida don ki dace da lokacin, sannan ki sake aikawa ki ƙirga. Hujjar cewa fayil ya isa cikakke kuwa ita ce `sha256sum` ɗin na hannunki ya yi daidai da na wanda ke sabar.

A saukewa, idan rezo ne ya yanke, burauza yakan gane. Chrome yana barin `.crdownload`, ya nuna saukewa ta gaza, curl kuma yana fita da kuskure, misali lamba 18 idan bayit ɗin da suka zo ba su kai alkawarin ba. Wanda ya fi damuna shi ne idan manhajar ce ta mutu tana tsakiyar rubutu. Ta riga ta aika 200 tun layin farko, ba za ta iya janye shi ba. Ɗauki misali: rumbu yana da layi 48,000 na wata, manhaja tana turo su kaɗan-kaɗan, sai `max_execution_time` mai daƙiƙa 30 ya cika a layi na 31,000 da wani abu. PHP ya tsaya, sabar ta rufe amsar kamar an gama, burauza ya ce an sauke. XLSX da zai ƙi buɗewa, domin ZIP ne kuma jadawalin abin da ke cikinsa a ƙarshe yake. CSV ba shi da alamar ƙarshe ko ɗaya, rabinsa ma CSV ne halastacce.

Don haka buɗewar rahoto ba sakamakon gwaji ba ce. Ki ƙirga da `wc -l rahoto.csv`, ki cire layin kanu, ki kwatanta da `SELECT COUNT(*)` mai sharaɗi iri ɗaya. Idan akwai ɗakin bayani da wakilai ke sauka layi a ciki, `wc` zai ƙirga fiye da gaskiya, sai ki kwatanta jimlar kilo da ta sefa maimakonsa. Ki duba layin ƙarshe da `tail`: yakan tsaya a tsakiyar kalma, ko ki tarar da saƙon kuskuren PHP a maƙale a wurin. Domin tilasta wannan yanayi a sabar gwaji, ki roƙi mai manhajar ya rage lokacin zuwa daƙiƙa 2 na ɗan lokaci.

Ki kuma gwada ci gaba daga inda aka tsaya da `curl -C - -O`. Yana aiki ne idan rahoton fayil ne da aka gama rubutawa aka ajiye, sabar ta amsa da 206. Rahoton da ake haɗawa nan take yawanci daga farko zai koma, kuma a rezon da ke yankewa duk bayan minti biyu akawu ba zai taɓa kaiwa ƙarshensa ba. Idan kika tarar da haka, ki rubuta a rahoton gwajinki cewa a riƙa haɗa shi a bayan fage, a ajiye shi da `Content-Length`, a nuna yawan layuka kusa da maɓallin saukewa, a kuma sa layin jimla a ƙarshen fayil, wanda akawu zai nema kafin ya fara biya.