Tikiti daban, kujera daban: abin da na gani a jirgin Kolon zuwa Berlin

A tashar mota ta gida, da ka miƙa wa ɗan kamasho kuɗi ka san wurin zamanka ya tabbata, ko da kuwa a matse ne. Da wannan tunanin na shiga jirgin ƙasa mai dogon zango a Jamus, wanda suke kira ICE, sai na tarar lissafinsu ba irin namu ba ne. Tikitin da ka saya izinin shiga jirgi ne kawai, ya kai ka inda za ka. Kujera kuma abin sayarwa ce daban. A ƙaramin aji, yuro 5.50 na biya kan kowace kujera, a kan kuɗin tikiti. In ka ƙi biya ba wanda zai hana ka shiga, sai dai ba wanda ya ɗaukar maka alkawarin za ka zauna.

Na gwada duka biyun a hanya ɗaya, Kolon zuwa Berlin da dawowa, tafiyar kusan awa huɗu da rabi kowane ɓangare.

Zuwa, ni kaɗai ne, ranar Juma'a da la'asar, ban kama kujera ba. Manhajar kamfanin jirgin, `DB Navigator`, ta nuna tun kafin in saya cewa ana sa ran jirgin zai cika, amma na ga kuɗin zai yi mini wani amfanin. Da na shiga sai na ga kujeru da yawa babu kowa, na zauna hankali kwance. Abin da ban iya karantawa ba a lokacin shi ne ɗan allon da ke jikin kowace kujera, a wasu jiragen a saman taga yake, a wasu kuma a gefen majinginar kai. Nawa an rubuta `Hagen – Berlin`. Ma'anarsa, daga Hagen zuwa Berlin kujerar tana da mai ita. Daga Kolon zuwa Hagen halal ne in zauna, amma muna isa Hagen wata mata ta tsaya a kaina da wayarta a hannu, na tashi. Na koma wata, a Hamm aka sake tashe ni. Daga nan har Hanoba, fiye da awa ɗaya, a tsaye na yi ta kusa da ƙofa, ni da wasu matasa da suka zauna a kan akwatunansu. Sai da mutane suka ragu a Hanoba na sami inda na sa jikina.

Ban ga laifin kowa ba, tsarin ke nan kuma a fili yake. Wanda ya iya karanta allon zai fi ni cin riba. Allon da babu rubutu a kansa, kujerar ba ta da mai ita, ita za ka fara nema. Wanda aka rubuta garuruwa biyu, duba ko za ka sauka kafin garin farko, ko kuma an riga an wuce na biyu. Mai rikitarwa shi ne `ggf. freigeben`. Wannan yana nufin ka zauna, amma mai yiwuwa a sayar da ita ga wanda ya kama a ƙurarren lokaci, in ya zo kuma dole ka ba shi. Zama ne irin na aro, mutum ba ya sakin jiki ya yi barci a kai.

Dawowa ce ta koya mini abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tare da Gwaggona, wadda ta zo suna a Berlin, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Wannan karon ban yi wata-wata ba, na kama kujeru biyu, yuro 11. Takardar ta fito da `Wagen 24` da `Platz 55, 57`, wato tarago na 24, kujera ta 55 da ta 57. Da farko na ɗauka an raba mu, ashe lambobin ne ba sa tafiya a jere, kujerun suna maƙwabtaka, ɗaya a taga ɗaya a bakin hanya. Kafin jirgi ya iso na duba allon tasha na ga daidai harafin da taragonmu zai tsaya, domin an rarraba wurin tsayawar jirgin da haruffa. Muka je can muka jira. Wannan kaɗai ya raba Gwaggo da ratsa taragu biyar cikin cunkoso.

Muna shiga muka tarar da mutum biyu a kujerunmu. A ta 57 wata budurwa ce da littafi. Na gaishe ta, na nuna mata wayata, ko kalma biyu ba mu yi ba ta tattara kayanta ta ba da haƙuri ta wuce. Irin abin da na yi a Hagen ne ta yi, ta zauna kafin mai wuri ya zo. Mafi yawan waɗanda za ka samu a kujerarka irinta ne. Ba ƙwace suka yi ba, kuma ba sa jin an wulaƙanta su don an tashe su. Na ga kamar mu ne muke ɗaukar abin da nauyi fiye da su.

Na kujera ta 55 dattijo ne da furfura, ya buɗe jakar abincinsa har ya fara ci. Na nuna masa lambar, ya girgiza kai, ya ɗaga tasa takardar ya nuna mini 55 da yatsa. Bai yi faɗa ba, amma a fuskarsa ka san ba shi da niyyar motsawa.

Gwaggo ta ja hannun rigata ta ce, “Kai ɗan nan, rabu da shi mana. Sa'an babanka ne fa. Ka nemi wani wurin ka zauna.”

Na ce, “Gwaggo, ki zauna tukuna, ba rigima zan yi ba. In na bar ta yanzu, anjima ba ni da bakin magana.”

Ba taurin kai ya sa na faɗi haka ba. Ƙa'idar ita ce, kujerar da ka kama tana jiranka minti 15 ne kawai bayan jirgi ya tashi daga tashar da ka ce za ka shiga. In lokacin ya wuce ba ka karɓe ta ba, haƙƙinka ya faɗi, wanda ke zaune ba dole ne ya tashi ba. Kawaicinmu da jin nauyin babba abu ne mai kyau, ni ma a cikinsa na tashi, amma a nan in ka tsaya kana ta juya yadda za ka fara magana, lokaci ne ke cinye kuɗinka. Haka ma wanda ya shiga ta can ƙarshen jirgi, ya biya taragon abinci ya sha shayi, sannan ya zo neman wurinsa bayan rabin awa, shi ya jawo wa kansa.

Abin da na fara yi shi ne zargin kaina kafin in zargi dattijon. Na sake duba ranar da ke takardata, da lambar jirgin, sannan na koma bakin ƙofa na karanta lambar taragon a allo: 24 ce. Kujera ta 55 kusan kowane tarago yana da ita, saboda haka lambar kujera ita kaɗai ba hujja ba ce. Na dawo na roƙe shi in ga takardarsa da kyau, amma harshe ya shiga tsakani, Jamusancina bai taka kara ya karya ba, shi kuma ya riga ya rufe ta ya mayar aljihu. Daga nan ban ƙara ja da shi ba. Ban taɓa jakarsa ba, ban ɗaga murya ba, domin da zarar ka kai hannu kan kayan mutum maganar ta tashi daga ta kujera ta koma wata. Na bar Gwaggo a zaune na tafi neman mai duba tikiti, na same shi a tarago na gaba, na nuna masa wayata na ce akwai wani a wurina mai lamba iri ɗaya.

Bai ɗauki minti biyu ba ya warware. Takardar dattijon gaskiya ce, ranar daidai, kujera ta 55 daidai, amma `Wagen 34` aka rubuta. Jirgin da muka hau jirage biyu ne aka haɗa, ɗaya taragunsa na da lambobin ashirin da wani abu, ɗayan talatin da wani abu, kuma babu ƙofar da ke ratsawa daga wannan zuwa wancan. A Hamm ake raba su, ɗaya ya bi ta Hagen da Wupatal zuwa Kolon, ɗayan ya bi ta Dotmund da Esen zuwa Dusuldof. Dattijon Esen za shi. Da na yi kawaici na bar shi, da bayan Hamm zai ga jirgi ya ɗauki wata hanya da shi. Ma'aikacin ya sama masa wurin zama na ɗan lokaci, ya faɗa masa tashar da zai sauka ya koma ɗayan rabin. Da zai tashi ya juyo ya gaishe da Gwaggo da kai, ita kuma ta ce, “Allah sarki, ashe ɓata ya yi.”

Abin da ya burge ni a tsarin shi ne, ba ƙarfin baki ke raba gardama ba, takarda ce da wanda aka ɗora wa alhakin karanta ta. Kuma in ta kama cewa ba za a iya ba ka kujerar da ka kama ba, aka kuma rasa wata, kana da damar neman a mayar maka da kuɗin kujerar. A irin wannan hali ka sa mai duba tikiti ya ba ka shaida tun kana cikin jirgi, ita za ta sauƙaƙa maka nema daga baya.

Shin kuɗin ya cancanta? A wurina ya danganta da tsawon hanya da wanda kake tare da shi. Daga filin jirgin sama na Frankfurt zuwa Kolon kimanin awa ɗaya ce, in ni kaɗai ne da 'yar jaka da tsakar rana a tsakiyar mako, ba zan kama ba, in ta ƙure in tsaya. Ƙananan jirage masu tsayawa gari-gari kuwa galibinsu ba a ma kama kujera a cikinsu, wanda ya riga ya zauna. Amma tafiyar da ta haura awa biyu, ko yammacin Juma'a da Lahadi, ko lokacin hutun makarantu, ko in akwai tsoho ko yara ko manyan akwatuna, ba na ƙara shiga ba tare da lambar kujera ba. Akwai kuma sauƙi guda: ana iya sayen kujerar ita kaɗai daga baya, ba lallai sai tare da tikiti ba. Don haka yanzu nakan sayi tikiti da wuri, in saura kwana biyu in leƙa manhajar, in ta nuna jirgin zai cika sai in kama, in zaɓi bakin hanya a taswirar taragon saboda fita alwala ba sai na tashi kowa ba.

Gwaggo dai tun kafin Hanoba barci ya ɗauke ta a jikin taga, don mun yi musanya bayan dattijon ya tashi. Ba ta farka ba sai da jirgi ya hau gadar kogin Rain, babban cocin Kolon ya bayyana a gabanmu, na ce mata ta fara neman takalminta.