Buga PS5 a waya daga ɗaki: kebul, rauta ko rifita, wanne za ka saya?

A gidanmu talabijin ɗaya ce, tana falo, kuma daga Isha'i ta zama ta uwargida da yara. Shi ya sa na fara jawo wasan PS5 zuwa wayata ta manhajar PS Remote Play, ina kwance a ɗaki. Akwai kuma ribar wuta: injin kansa yana jan kusan wat 200 idan wasa ya yi zafi, to in ka kashe talabijin ka rage wa inbata nauyi. Amma na yi asarar kuɗi sau uku kafin abin ya daidaita, don haka ga abin da zan ce wa duk mai shirin shiga kasuwa.

Abu na farko, kada ka ƙara kuɗin data saboda wannan. Idan injin da wayarka suna kan rauta ɗaya, hoton wasan ba ya fita waje. Yana tashi daga injin, ya bi ta rauta, ya sauka a wayarka. Intanet ana buƙatarsa ne don shiga asusunka da ƙulla haɗin. Sony ta ce a samu aƙalla megabit 5 a sakan, an fi so 15, kuma kusan kowace rauta tana iya ɗaukar wannan a takarda. Da ta intanet hoton ke bi, megabit 15 zai cinye kusan gigabait 6.7 a awa guda, wanda ba kowa zai jure ba. A cikin gida kuwa wannan lissafin bai shafe ka ba.

To me ke kawo maƙalewa? Rashin daidaiton lokaci. Wasa mai hoto 60 a sakan yana turo sabon hoto kowane milisakan 16.7. Idan hanya ta tsaya na milisakan 200 kawai, hotuna goma sha biyu sun makara, sai ka ga allo ya dagargaje, sauti ya yanke, ɗan wasanka ya ci gaba da gudu bayan ka saki fad. Bidiyon da kake kallo a intanet yana tara na gaba ya ajiye, shi ya sa ba ka jin irin wannan tangarɗa. Wasa ba shi da abin tarawa, domin abin da zai faru bai faru ba tukuna. Saboda haka ma'aunina ba yawan gudu ba ne, tsayuwar hanya ce.

Zaɓina, wanda ba na ɓoyewa, shi ne kebul daga injin zuwa rauta, sannan rauta mai zangon 5GHz kusa da inda kake kwanciya. Dalilin yana da sauƙi. Idan injin yana kan wayfai, wayarka ma tana kan wayfai, kowane hoto sai ya ratsa iska sau biyu, daga injin zuwa rauta, daga rauta zuwa waya, kuma dukkansu layi ɗaya suke bi. Da zarar ka sa wa injin kebul, ka cire rabin cunkoson da kuɗin da bai kai na kaset ɗin wasa ɗaya ba. Shi kuwa zangon 2.4GHz, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma nan maƙwabta suke, nan bulutut ɗin fad ɗinka yake. Zangon 5GHz yana da fili, sai dai ba ya son bango. Bulo biyu da filasta sun isa su raunana shi, kankare kuwa da rodi a ciki ya fi haka muni.

Ga yadda nawa ya kasance. Injin yana falo, ɗakina yana bayan bango biyu, intanet kuma daga ƙaramar maifai mai 2.4GHz kaɗai, ba ta da ramin kebul ko ɗaya. Na sa manhajar Termux a waya na auna hanya tsakanina da ita:

```
ping -c 100 192.168.0.1
```

Lambar ƙarshen ta danganta da rautarka, tana rubuce a ƙasanta ko a bayanin wayfai na waya. Abin dubawa shi ne layuka biyu na ƙarshe, inda aka rubuta min/avg/max, wato mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girman jinkiri, da kuma packet loss, wato saƙon da ya ɓace a hanya. Nawa yakan fara da milisakan 3, sai ya yi tsalle ya haura 300 duk lokacin da wani ya buɗe bidiyo a falo. Matsakaicin bai yi muni ba, mafi girman ne ke kashe wasa. Sai na sayi rauta mai zango biyu, irin wadda ake rubuta wa AC1200 a kwali, na kafa ta a ɗakina, na ja kebul mita 20 ta silin zuwa bayan injin. Intanet tana karɓarsa daga maifai ta iska, a tsarin da ake kira WISP, kuma wannan bai dame ni ba tunda hoton wasan ba ya bi ta can. Na sake aunawa da lambar sabuwar rautar: tsakanin 2 da 6, ba asara ko ɗaya. Daren nan na buga ƙwallo awa biyu a 1080p ban ga tsinkewa ba.

Lambar 1200 ɗin kada ta ruɗe ka, haɗin zango biyu ne, 300 da 867. Wannan ya wadatar. Abin da za ka tabbatar kafin ka biya shi ne akwai 5GHz, akwai ramin LAN na sa kebul, kuma za ka iya raba wa zangon biyu suna. Idan suna ɗaya suke amsawa, waya takan sulale ta koma 2.4GHz ba ka sani ba, ka yi ta zargin injin. A shafin rautar kashe Smart Connect mai haɗe zangon biyu a suna ɗaya, ka kuma duba kada AP Isolation ya kasance a kunne, domin shi ke hana na'urorin gida ganin juna. A injin kuwa shiga Settings, System, Remote Play ka kunna Enable Remote Play. Mai PS4 na farko ya sani cewa nasa ba shi da 5GHz gaba ɗaya, sai Slim da Pro, kuma Pro ne kaɗai a gidan PS4 ke turo 1080p. Mai na farkon kuwa, kebul ya zame masa dole.

Rifita, wato ɗan abin nan da ake maƙalawa a soket don ƙara nisan wayfai, shi na fara saya kuma shi ne asarata ta farko. Yana karɓa ya sake faɗa a kan tasha ɗaya, gudu ya rabu biyu, jinkiri ya ƙaru. Sandunan sigina za su cika, wasa ya ƙara lalacewa. Kada ka saya.

Adaftar Powerline mai bi ta wayar wutar gida tana aiki a inda wuta ke da tsabta. A gidan da ake juyawa tsakanin nefa da janareta da inbata, wani soket yana layi daban da wani, caca ce. Na'urorin Mesh, wato rautoci da yawa masu aiki tare a gida ɗaya, suna da kyau, amma kuɗinsu ya yi yawa ga matsalar da kebul ke warwarewa.

Akwai PlayStation Portal, wadda ta fito a Nuwamba 2023 kan dala 199.99, allo inci 8 a tsakiyar fad. Tana da daɗin riƙo, ba musu. Sai dai ita ma kan wayfan gidanka za ta hau, in hanya ba ta da kyau haka za ta riƙa maƙalewa, kuma ba ta karɓar iyafis ɗin bulutut na gama-gari. Gyara hanya tukuna, in kuɗi ya ragu ka duba ta. Masu Xbox suna da irin wannan tsari kuma shawarar ɗaya ce, masu Nintendo Switch kuwa ba su da shi.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, asarata ta biyu, kebul na jabu. Na farkon da na saya an buga masa Cat6 a jiki da manyan baƙaƙe, mai shago har da rantsuwa. Wata biyu ya yi lafiya, sannan wasa ya fara yankewa gaba ɗaya, fitilar ramin LAN ta mutu ta dawo. Na zargi rauta, na zargi waya, na kusa kai injin wurin mai gyara. Ashe alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda ake kira CCA. Yana da gautsi, yana karyewa a inda aka lanƙwasa shi ko a bakin kan da aka matse, ga kuma zafin silin ɗinmu na bazara. Rubutun jiki ba hujja ba ne, kowa na iya bugawa. Ka sa a yanko maka ɗan guntu a gabanka, ka fere zare ɗaya, ka kankare shi da wuƙa. In ciki ya fito fari kamar azurfa, ajiye musu kayansu. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki, yana da nauyi a hannu, kuma in ka kara masa ashana zai yi baƙi ya tsaya, na alminiyon kuwa sai ya langaɓe. In maganaɗisu ya kama zaren, ƙarfe ne aka rufe, shi ma jabu. Ƙirga zaren ma, takwas ne. Akwai masu huɗu kawai, waɗanda ba sa wuce megabit 100. Gaskiya 100 ɗin ta isa wasa, amma wanda ya rage maka zare ya rage wani abin da ba ka gani ba. Cat5e na jan ƙarfe zalla ya fi Cat6 na ƙarya, yana ɗaukar gigabit har mita 100. Kuma ka ce a gwada maka da testa bayan an matse kawunan, fitilu takwas su kama a jere.

Asara ta uku fad ce. Jabun DualShock 4, wato fad ɗin PS4, sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, har da masu cewa tokumbo ne. Nawa yakan haɗu da waya, amma sandar hagu tana da wani mataccen fili a tsakiya, sai ka tura sosai kafin ta amsa, ni kuma ina ɗauka jinkirin hanya ne. Kwana da kwanaki ina sauya tashar rauta a banza. Hanyar rarrabewa ita ce ka haɗa fad ɗin kai tsaye da injin a talabijin ka gwada ta da wasan PS4, in nauyin amsawar yana nan to ba laifin wayfai ba ne. Mai sayen DualSense, fad ɗin PS5, ya gwada ta da Astro's Playroom da ke zuwa cikin kowane PS5, ya ji ko maɓallan L2 da R2 suna yin tauri suna saki. Jabu ba ta iya kwaikwayon wannan yadda ya kamata. In mai shago ya hana gwaji, wuce gaba.

Ni yanzu fad mai rungumar waya ta ramin Type-C nake amfani da ita, irin Backbone One, saboda ta cire bulutut daga lissafi. Sauti ma da iyafis mai waya nake ji, domin na bulutut yakan makara har ka ga ƙwallo a raga kafin ka ji bugun. Idan duk ka yi wannan wayar tana ɗumi tana maƙalewa bayan rabin awa, cire mata riga, kashe tsarin adana batir, ka sauke hoton zuwa 720p. A allon inci shida da kyar za ka ga bambancin.