Koyarwa ko ba da shawara bayan ritaya?

Abokaina da muka yi ritaya tare a Kano sun sha tambayata wanne ya fi: koyarwa ta wucin gadi ko ba kamfanoni shawara.

Koyarwa tana da tsari, amma awa biyun da aka rubuta a takarda ba ita ce aikin ba. A ƙara shirya darasi, da duba takardun jarrabawa, da cunkoson hanyar Gwarzo idan makarantar tana can, sai a ga yini ya tafi, ga kuɗin mai daga aljihunka, kuma sau da yawa sai ƙarshen zango ake biya.

Shawara ta fi tsoka, sai dai ba kullum take samuwa ba. Na taɓa duba lissafin wata masana'anta a Sharaɗa bisa alkawarin baki, aikin mako biyu ya koma wata uku, ladan bai ƙaru ba. Tun daga nan, wanda ya ƙi rubuta iyakar aiki da biyan kafin alƙalami, ba na karɓar tayinsa.

Mai isasshen fansho da ke son renon matasa, koyarwa ta dace da shi. Mai neman ƙarin kuɗi, wanda har yanzu ake kiran wayarsa a fanninsa kuma zai jure watannin da babu aiki, shawara ta fi masa.