Gargaɗi: ta karɓi ₦203,000 da sunan firi-oda, har yau ko cokali ban gani ba

Jama'a, tun Janairun 2025 nake haɗiye wannan abu, yau na gaji. Naira dubu ɗari biyu da uku wata mai sayar da kayan kicin ta riƙe min da sunan firi-oda, wato biyan kuɗi tun kaya ba su iso ba, kuɗin kayan ɗakin 'yata. Ba zan faɗi sunanta ba tukuna saboda maganar tana hannun manya, amma hotunan hirarmu da rasit biyu suna wajena, zan ɗora su da yardar Allah.

Ga abin da ta rubuta a ƙarƙashin hoton kayan, na haddace shi don yawan karantawa: “Saitin kuloli da tukwane daga Chana, guda 12 kacal, saura 3. ₦240,000. Kafin alƙalami 70%. Sati uku kaya sun iso in sha Allah.” Shi ke nan. Ba ranar rufe oda, ba maganar ta jirgin ruwa ne ko ta sama, ba kalma ɗaya a kan mayar da kuɗi.

Kuma kada wani ya ce min ganganci na yi. Na taɓa sayen kofuna a wajenta, ta aiko ranar da ta ce. Na yi tambaya, wallahi na yi. Na ce, “Hajiya, bayan ƙaramar Salla ne bikin, kin tabbata?” Ta turo murya tana cewa, “Haba Maman amarya, kafin azumi ma kin gaji da ganinsu.” Ina zaune bakin gado na sake sauraron muryar, na tura ₦168,000. Ranar 20 ga Janairu ce. Sunan da ya fito a asusun ba nata ba ne, na tsaya, ta ce na ƙaninta ne. Wannan tsayawar da na yi ita ke hana ni barci, don zuciyata ta faɗa min.

Cikin azumi ta ce kaya suna Legas, kwastan sun riƙe, kowa ya kawo ₦35,000. Na kawo. Ya zama dubu ɗari biyu da uku. Kafin wannan ma, tun Fabrairu, ta ce Sinawa suna hutu. To hutun gaskiya ne, sabuwar shekararsu ta 2025 ta faɗa 29 ga Janairu, kuma masana'antu kan rufe sati biyu ko fiye. Amma ai ta san da shi ranar da ta rubuta sati uku, kwana tara kafin hutun! Mijin maƙwabciyata da ke sauke kaya a Sabon Gari ya zaunar da ni ya yi min lissafi. Kaya masu nauyi irin tukwane ta ruwa ake ɗauko su, don ta sama da kilo ake biya, kuɗin jirgi zai cinye ribar. Daga Guangzhou zuwa Legas jirgin ruwa kan ci wata ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a jira fitar da kwantena, sannan mota ta kamo hanyar Kano. Ya ce wata uku ake faɗa wa mutum in ana tsoron Allah.

Ya nuna min yadda shi yake rubutawa: “Saiti 20 ne, za a rufe oda ranar kaza. Ta ruwa ne, wata uku, yana iya kai huɗu. Kafin alƙalami rabi, ciko sai kaya sun sauka Kano kin gani. Kuɗin jirgi da na kwastan suna cikin farashin. In ya wuce wata huɗu, mai so ya karɓi kuɗinsa cikin sati ɗaya.” Da na karanta sai da hawaye ya zubo min. Layi biyar, kuma ko ɗaya babu a nata.

Wai saura 3. Mu goma sha tara muka haɗu yanzu, kowacce an ce mata saura 3, a kayan da aka ce 12 ne. Na nemi lambar kwantena, sai ta turo bidiyon wani sito cike da kwalaye, ba suna ba rana. Na ce a ba ni kuɗina, ta ce kafin alƙalami ba ya dawowa. A ina ta rubuta haka? Bayan Salla ta toshe ni.

Bashi na ci na sayi wasu kulolin a kasuwa, aka kai yarinya ɗakinta, har yau ina biya.

In ba a rubuta ranar isowa da sharaɗin mayar da kuɗi ba, kada ku tura. In sunan asusu ya bambanta, kada ku tura. Ni dai dubu ɗari biyu da ukuna nake so, kuma ban yafe ba.