Kafin ka biya kuɗin rumbun ajiya na intanet, tambayi kwana nawa fayil yake yi bayan an goge shi

Yawancin masu zaɓen wurin ajiye takardun ofis a intanet girman wuri da farashi suke dubawa. Ni abin da nake fara tambaya daban ne: idan wani ya goge fayil yau, aka daɗe ba a lura ba, har zuwa yaushe za a iya dawo da shi, kuma wa ke da ikon dawo da shi? Amsar ta bambanta ƙwarai tsakanin Google Drive da OneDrive da Dropbox, har ma tsakanin asusun kyauta da na biya a kamfani ɗaya.

Mu ɗauki misali guda mu auna su da shi. A ce wata makaranta tana da folda ɗaya da malamai ke zuba sakamakon jarrabawa a ciki. Ranar 3 ga Maris wani malami ya goge foldar aji uku bisa kuskure. Ba wanda ya neme ta sai ranar 20 ga Afrilu, da aka zo haɗa sakamakon zango. Kwana 48 ke nan.

A asusun Google na kyauta, fayil yana zama a kwandon shara, wato Trash, kwana 30, daga nan ya goge da kansa. Haka tsarin yake tun Oktoban 2020. Kafin lokacin, abin da ke kwando yana nan har sai ka zubar da hannunka, shi ya sa har yau wasu ke zaton kwandon ma'ajiya ce. A misalinmu, foldar ta bar kwando tun 2 ga Afrilu. Asusun OneDrive na mutum ɗaya da Dropbox Basic su ma kwana 30 ne. Don haka idan da asusun kyauta makarantar take aiki, duk wanda ta zaɓa cikin ukun, zuwa 20 ga Afrilu wa'adin kwana 30 ɗin ya riga ya wuce.

Bambancin yana fitowa ne a asusun ma'aikata. A Google Workspace, bayan fayil ya fita daga kwando, mai kula da asusun ma'aikatar, wanda ake kira admin, yana da ƙarin kwana 25 da zai iya dawo da shi. Talatin da ashirin da biyar, 55 ke nan, wato har 27 ga Afrilu, saura mako guda. Sai dai a lura da kyau: kwana 25 ɗin daga ranar da fayil ya bar kwando ake ƙirga su. Idan malamin nan ya danna Empty trash a ranar da ya goge, ƙila don wuri ya cike masa, tunda abin da ke kwandon Google yana cin wuri, to wa'adin admin ya ƙare tun 28 ga Maris. Kwana 55 ɗin da ake ambato iyakar sama ce kawai, tana iya raguwa zuwa 25.

Yadda admin ke yi: ya shiga Admin console, ya buɗe Users a ƙarƙashin Directory, ya nemo sunan mai fayil ɗin, ya zaɓi Restore data, ya sa kwanakin da fayil ɗin ya bar kwando, ya zaɓi Drive. Ba ya zaɓen fayil ɗaya-ɗaya. Duk abin da mutumin ya zubar cikin waɗannan kwanaki zai dawo, har tarkacen da ya goge da gangan, don haka gara a matse kwanakin.

Akwai wani wuri da na fi so mai saye ya tsaya ya fahimta, domin nan ne ofisoshi ke yin asara ko da suna biyan kuɗi. A Google, foldar da mutum ya buɗe a My Drive ya raba wa abokan aiki ba ta mayar da abin da ke cikinta mallakin ofis. Kowane fayil na wanda ya ɗora shi ne. Idan mai shi ya goge, kwandonsa yake faɗawa, shugaban makaranta zai buɗe nasa kwandon bai ga komai ba. Idan kuma malamin da adireshinsa na Gmail ya ɗora, admin ba shi da iko a kan wannan asusu ko kaɗan. Maganin wannan shi ne Shared drive. A can fayil na ƙungiya ne, kwandon ma na ƙungiya ne, kuma admin yana dawo da abin da ya ɓace daga Manage shared drives cikin kwana 25 ɗin nan. Ana kuma iya ba malamai matsayin Contributor, su ɗora su gyara amma ba za su iya jefa fayil a kwando ba. Duk wanda zai sayi Workspace don aikin haɗaka, ya tabbatar da wannan tsari zai yi aiki tun ranar farko.

Microsoft ya fi sauƙin lissafi. A OneDrive na ma'aikata ko makaranta da kuma SharePoint, wato shafin ajiyar haɗaka na Microsoft, wa'adin kwana 93 ne daga ranar gogewa. Kwandon hawa biyu ne: idan ma'aikaci ya zubar da nasa, fayil ya koma hawa na biyu, Second-stage recycle bin, inda mai kula da shafin zai same shi. Kwana 93 ɗin jimillar hawan biyu ne, ba a sake ƙirgawa daga farko, amma zubar da kwandon farko ma ba ya rage su. A misalinmu foldar tana nan har 4 ga Yuni, ko malamin ya zubar da kwandonsa ko bai zubar ba. A ganina wannan ya fi dacewa da wurin da ake aiki zango-zango, inda takarda kan yi wata biyu ba a buɗe ta ba.

Dropbox kuwa tsawon wa'adi yake sayarwa. Ƙananan tsare-tsarensa, har da Plus na biya, kwana 30 ne. Na ƙwararru da ƙananan ƙungiyoyi kwana 180. Manyan na kamfanoni kwana 365. Sunayen tsare-tsaren kan canza, don haka adadin kwanakin za ka nema a shafin farashi. Abin da aka goge ba ya cin wuri, saboda haka ba abin da ke tura mutum ya zubar da kwando. Amma akwai Permanently delete, kuma wanda aka goge ta wannan hanya ya tafi. Admin na iya hana ma'aikata amfani da shi, kuma ya kamata ya hana.

To wanne za a saya? Mutum ɗaya da ke buɗe takardunsa kullum, kwana 30 sun ishe shi, ya dai riƙa ajiye kwafi a wani faifai daban. Makaranta ko ƙungiyar da ke duba wasu takardu sau ɗaya a zango, kwana 93 na Microsoft sun fi ba ta kwanciyar hankali fiye da 55 na Google, sai in ta riga ta saba da Google, to ta koma Shared drive ta taƙaita masu ikon gogewa. Ofishin da ke rufe lissafi sau ɗaya a shekara, kwana 93 ma ba za su kai shi ba. Ko ya biya tsarin kwana 365, ko ya tanadi kwafi a wajen rumbun.

Kafin ka biya na shekara, yi gwaji a lokacin da kamfanin ya ba ka na ɗanɗano. Ka sa wani ma'aikaci ya ɗora fayil a foldar haɗaka, ya goge, ya zubar da kwandonsa, sannan admin ya dawo da shi kana kallo. Nan za ka ga ko fayil ɗin ya koma foldarsa, ko abokan aiki suna iya buɗe shi kamar da, da kuma ko admin ɗin naku ya san inda maɓallin yake.