Turancinsa tsaf, amma kalma ɗaya ta kusa sa mu aika riga bashi

Duk wanda ke bin layin shagunan kwamfuta na Samaru, daura da babbar ƙofar jami'a, ya san irin malaman nan masu gyara wa ɗalibai rubutun kammala karatu. Ɗaya daga cikinsu muka riƙe kafin babbar Sallah, ba don aikin makaranta ba, don saƙonnin Baba. Baba ɗinkin hannu yake yi a cikin birnin Zazzau, manyan riguna masu aska takwas da huluna, kuma yanzu da yawa daga cikin masu sayen kayansa suna Legas da Akara da Landan, ba sa jin Hausa. Shi yake rubuta amsoshinsa da kansa a waya da daddare, da Turancin da ya tsinta a kasuwa. Da safe sai in kwashe su in tura wa malamin, ya gyara ya dawo da su kafin azahar. Sharaɗi ɗaya muka gindaya masa: ya gyara nahawu da kuskuren rubuta kalma, kada ya taɓa ma'ana.

Gaskiya a wajen gyaran kalmomi ba ni da ta cewa. Mu Hausawa mun san halinmu da harafin p da f, kuma bala'in shi ne sau da yawa kuskuren kan faɗa kan wata kalmar Turanci ta gaske, don haka jan layin nan na waya ba ya kamawa. Baba kan rubuta "the price is pair" yana nufin "fair", ko "full" inda yake nufin "pull". Malamin bai bar ko ɗaya ya wuce ba. Kuma tsarinsa ya burge ni: tebur yake yi, kowane saƙo da lambarsa, na Baba a hagu, gyararren a dama. A makon farko har tallarsa nake yi wa maƙwabtanmu masu dukanci.

Sai aka zo kan maganar wani Alhaji na Legas da ya sa a yi masa babbar riga ta shadda. Ya ba da kafin alƙalami, saura ciko mai kauri. Baba ya rubuta masa: "I will send the gown until you pay the balance." Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san abin da ke cikin kan tsoho: sai ka biya ciko zan aika. Wannan "sai" tamu ce Baba ya ɗauko ya sa mata rigar Turanci. To a Turanci jimlar ba ta zauna ba, domin idan ana nufin abu ba zai faru ba sai wani ya faru, dole a kawo korewa a gaba. Gyaran da ya dace ɗaya ne cikin biyu: ko dai "I will not send the gown until you pay the balance", ko kuma "I will send the gown once you pay the balance". Malamin ya ga jimla ta karkace, ya lalubi abin da zai miƙe ta cikin sauri, ya mayar da ita "I will send the gown before you pay the balance." Nahawu ya zauna daram. Ma'ana kuwa ta juye gaba ɗaya: wai za a aika riga kafin a biya.

Alhajin Legas ya amsa da godiya mai tsawo, yana cewa irin wannan yarda ta yi wuya a zamanin nan, har ya turo lambar yaron da zai karɓar masa kaya a tasha. Baba ya kira ni ya ce, "Kai, zo ka karanta mini, me mutumin nan yake gode mini a kai?" Da na fassara masa, shiru ya yi na ɗan lokaci. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne. Yanzu dole ya koma ya ce wa babban mutum ba haka nake nufi ba, ya zama kamar mai magana biyu, alhali shekara da shekaru ba a san shi da haka ba. Rigar da aka kwashe makonni ana zaune a kanta da allura, ita ce jimla ɗaya ta kusa sa a ɗora wa mota bashi.

Na je shagon a fusace. Na ce, "Malam, kai ma fa Bahaushe ne, ka san inda wannan maganar ta fito." Bai yi musu ba. Ya ce saƙonni sun yi yawa ranar, kuma gajeren saƙo ya fi dogon rubutu haɗari, don a dogon rubutu jimlar gaba da ta baya sukan nuna maka nufin mai shi, a nan kuwa layi ɗaya ne tak, babu abin jingina. Shi ya rubuta wa Alhajin bayani mai ladabi kyauta, kuma daga ranar ya ƙara wa tebur ɗin gida na uku na tambaya. Duk saƙon da zai iya ɗaukar ma'ana biyu ba ya gyarawa, sai ya rubuta da Hausa: an riga an aika ne, ko za a aika? Misali "I have send the cap", wanda harafi ɗaya zai mayar da shi an aika, ƙarin kalma ɗaya kuma ya mayar da shi wajibi ne a aika. Ni ma yanzu kafin a tura komai nakan bi gyararrun in duba abu huɗu kawai: adadin kuɗi, rana, korewa, da kalmomin sharaɗi irin su "if" da "before" da "after". Duk wanda ya shafi kuɗi sai na mayar wa Baba shi da Hausa ya ce haka ne. A nan zuciyata ta sauko, har na ce mutumin ya cancanci a ci gaba da shi.

Amma wannan binciken ne ya tono mini wani abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Da na koma kan tsofaffin teburan, sai na ga duk inda Baba ya rubuta "Insha Allah" a kan ranar gama aiki, malamin ya goge, a wurare da dama ma ya sa "definitely". Wannan kuma kuskuren nahawu ne? Mai ɗinkin hannu da aikinsa ya rataya a kan lafiyar ido da samun zare da yaran da ke taya shi, an mayar da shi mai ɗaukar alkawarin da bai ɗauka ba. Gaisuwar ma ta tafi. Baba ba ya fara magana sai ya tambayi aiki da iyali, shi kuwa ya datse duka, wai saƙon kasuwanci gajere ake so. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayen huluna har ta tambaya ko Baba ya ɗauki sakatare ne. Rigar ma a wani saƙo "gown", a wani "robe", a wani "agbada", ga mutum ɗaya, har ya zaci kaya uku ake magana.

Da na nuna masa, cewa ya yi yana ƙawata Turancin ne. Ba mu biya kuɗin ƙawa ba, kuma kuɗin nasa, kun dai san yadda suke caji idan sun ji kalmar kasuwanci. Har yanzu muna kai masa aiki, don a layin nan ban ga wanda ya kai shi ido ba. Sai dai na rubuta masa a saman kowane tebur cewa gaisuwa da in sha Allahu ba nasa ba ne, kuma saƙon da ke ɗauke da maganar ciko ba ya fita daga wayar Baba sai na karanta.